Magen da Ta Soya Kifi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Ingilishi kafin wata yarinya ta gaya mini cewa mage ba ta soya kifi. Gaskiya ta faɗa, ni kuwa na saka mata da jan biro. Har yau takardar jarrabawarta tana cikin jakata, kuma duk ranar da na sa hannu neman alli sai na taɓa ta.

A unguwar New Bell ta Douala, a Kamaru, aka haife ni, nan aka haifi mahaifina. Hausa muke yi a gida, amma boko da Faransanci muka yi shi, kamar kowa a unguwarmu. Ingilishi a jami'a na tsince shi, daga littafi, shi ya sa nake riƙe shi kamar kayan aro, ina taƙama da shi a fili ina tsoron ya fashe a hannuna. Wata makarantar sakandare ta kuɗi nake koyarwa, a kan hanyar da ke fita daga unguwarmu zuwa unguwar Bali. A shekarar da nake ba da labari aka ba ni shugabancin malaman Ingilishi, mu uku ne kacal, amma na ɗauki abin kamar an ba ni gwamna. An tsallake wani dattijo da ya girme ni a aiki da shekara ashirin aka ba ni. Daga ranar ya koma kirana "chef", wato shugaba da Faransanci, yana jan kalmar yadda zan ji ta a jikina.

Darasin da na fi so shi ne na gajarta jimla da abin da Turawa ke kira participle. Mahaifina tela ne a babbar kasuwarmu, Marché Central, ni ma ina jin daɗin yanka. Sai in rubuta jimla biyu a allo: "The tailor sat in his shop. He sewed a gown." In ce wa yara, mutum ɗaya ne ya zauna kuma ya yi ɗinki, don me za mu kira shi sau biyu? In goge shi daga jimlar farko, in maƙala wa aikatau -ing, in sa waƙafi: "Sitting in his shop, the tailor sewed a gown." Idan aikin farko ya ƙare kafin na biyu ya fara, sai mu sa having: "Having sewn the gown, the tailor went home." Idan kuma a kansa aka yi aikin, sai mu ɗauki siffa ta uku ta aikatau: "Paid by the customer, the tailor smiled." Ina yi ina kaɗa yatsu biyu kamar almakashi, yara suna dariya, har suka laƙaba mini almakashin a bayan idona. Na sani, kuma ina jin daɗi.

Akwai sharaɗi guda a ƙarƙashin wannan yanka, wanda ban taɓa faɗa wa ɗalibaina ba don ni kaina ya zube mini a hanya. Wanda ka goge daga jimlar farko dole ya zama shi ne mai aiki a ta biyu. In ba shi ba ne, guntun da ka gajarta sai ya rasa mai shi, ya kama duk wanda ya tarar bayan waƙafi ya ɗora masa aikin. Misalaina na aji kullum mutum ɗaya ne a ciki, tela ko direba, don haka ban taɓa yin tuntuɓe ba. Kunnena ma ba ya taimakona. Mu a Hausa sai ka ce "da buɗe ƙofa sai akuya ta shigo", ba wanda zai zaci akuyar ce ta buɗe.

A lokacin rikicin yankin masu Ingilishi ya yi tsanani. Makarantu a can sun daɗe a rufe, mutane suna ta kwararowa Douala da katifa a ka. Hausawan Bamenda, babban garin yankin, da yawa wajen danginsu na New Bell suka sauka, gidan da ke da mutum takwas ya koma sha biyar. Hausarsu ɗaya da tamu sai ɗan Pidgin da suke yayyafawa, amma 'ya'yansu ko gaisuwar Faransanci ba su iya ba.

Wani daga cikinsu ya tare ni a ƙofar masallaci bayan La'asar. Dogo ne, mai sanyin magana, an ce da can fataucin shanu yake yi, yanzu yana taya ƙaninsa gasa tsire a bakin titi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Malam, an ce ku ne na Ingilishi a makarantar can. 'Yata za ta shiga wurinku. Shekara uku rabonta da aji. Na nemi gurbi a makarantun Ingilishi, duk sun cika maƙil. Ga amana nan."

Na ce masa kada ya damu, 'yarsa 'yata ce. Na faɗa da sauƙi, kamar yadda ake faɗa.

Ta shigo a tsakiyar shekara, aji na uku na sakandare, wanda daga shi sai ajin jarrabawar gwamnati. Shekarunta sha bakwai, abokan ajinta sha uku, sha huɗu. Ta fi bencin tsawo, sai ta zauna a baya ta karkace ƙafafu. A darasin tarihi da na kimiyya kwafar allo kawai take yi harafi harafi, ta koma gida ta buɗe ƙamus. A darasina ne kaɗai take ɗaga kai. In na ce wa zai karanta, yara sai su juya baya gaba ɗaya su dube ta. Ingilishinta ya fi nawa santsi, wannan ba sai an gaya mini ba, kuma ban ji daɗinsa ba. Nakan yaba mata a gaban aji, amma in tana karatu ina kasa kunne ne ko za ta yi kuskure.

Tun da ba ta da makin farkon shekara, shugaban makaranta ya ce duk waɗanda suka zo a tsakiya jarrabawar ƙarshe kaɗai za ta yanke musu. Wanda ya sami goma cikin ashirin a jimlar darussa ya wuce. Wanda ya gaza, in shekarunsa sun haura, babu maimaita aji, don masu jiran benci sun yi yawa. Ita ta san lissafinta sarai. Faransanci zai ja ta ƙasa, lissafi zai ɗan riƙe ta, Ingilishi ne zai ɗaga ta, kuma sai ta kwashe shi kusan duka.

Ni na shirya jarrabawar Ingilishi ta aji na uku, wanda aka kasa gida uku, kowane malami da nasa, ni na rubuta takardar amsoshi da muke kira corrigé, wadda kowane malami zai bi wajen gyara. A tsaye na rubuta su, ranar da sakatariya ta ce in ban kawo kafin azahar ba ba za ta buga ba. Tambaya ta uku ta ce a haɗa jimla biyu da participle, guda biyar, kowace maki ɗaya. Uku na farko tela ne da direba. Da na gaji da su sai na ce bari in sa abin da yara za su ji daɗi. Na rubuta: "My mother fried the fish. The cat came in." Na ƙara: "The trader walked to the market. The rain began." A takardar amsoshi na sa "Frying the fish, the cat came in" da "Walking to the market, the rain began." Na karanta, suka yi mini daɗi a kunne, na miƙa. Dattijon nan da ɗayar malamar suka karɓa suka yi aiki da ita, ba wanda ya ce uffan.

Da na zo kan takardarta, kusan komai daidai, rubutu kamar an buga. Ukun farko ta yanke su tsaf. A ta huɗu sai ta ƙi yanka, ta rubuta "While my mother was frying the fish, the cat came in." A ta biyar ta rubuta "As the trader was walking to the market, the rain began." A gefe, da ƙananan haruffa, ta sa: "Sir, the cat cannot fry fish."

Jini ya hau mini kai. Na ce wato ni za a yi wa ba'a a takardar jarrabawa, yarinyar da na karɓa amana? Ban tsaya na tambayi kaina me take nufi ba. Na ja layi a kan amsoshin biyu, maki biyu suka tafi. Na zagaye maganar magen, na rubuta "insolence" da manyan baƙaƙe, wato rashin kunya, na cire wasu biyu. Takardar da ta kamata ta ci sha takwas ta koma sha huɗu.

Ranar Alhamis na raba takardu a aji don kowa ya duba nasa, kamar yadda aka saba kafin a kai maki ofis. Ana ruwa, kwanon rufi yana ta ƙara, sai na ɗaga murya nake kiran lambobi. Na rubuta amsoshi a allo, yara suna ta murna, don kusan duk sun rubuta abin da na rubuta. Sai na ga hannu a baya.

"Sir, don Allah."

Na ce mene ne. Ta miƙe, ta yi maganar da Ingilishi a hankali, sannan ta maimaita da Hausa, ina jin don kada in ce ban gane ba, abin da ya ƙara ƙona ni.

"Malamarmu ta can ta ce kafin ka gajarta, ka tambaya, wa ya yi aikin farko, wa ya yi na biyu. In mutum ɗaya ne, ka yanke. In biyu ne, ka bar kowa da nasa. A nan uwa ce ta soya, mage ce ta shigo. In aka ce frying the fish, the cat, to magen ce ke suya."

Wani yaro ya fassara wa na kusa da shi da Faransanci, dariya ta fara daga wannan benci ta bi aji. Ba ni suke yi wa ba, magen suke hangowa da cokali a hannu, amma ni a lokacin ban ga bambanci ba.

Na ce, "An ce ki yi amfani da participle, kin yi?"

"Ban yi ba, Sir, don ba ya yiwuwa sai an canja ta biyun. Sai dai a ce, frying the fish, my mother saw the cat come in."

"Nan ba Bamenda ba ne. Assieds-toi."

Ta zauna. Wannan magana ta Bamenda ita ce na fi jin kunyarta a duk abin da na yi. Yarinyar da ta baro gidansu a ƙone, na jefe ta da sunan garinsu don in rufe mata baki.

Ranar Asabar da hantsi na jawo akwatin littattafaina na jami'a daga ƙarƙashin gado. Ba gaskiya nake nema ba, hujja nake nema da zan kai aji ranar Litinin in karanta mata. Na sami babin, na bi shi da yatsa, ga -ing, ga having, duk yadda nake koyarwa. A shafi na ƙarshe, wanda danshin Douala ya manne da na gabansa har sai da na sa wuƙa, ga gargaɗin nan a cikin akwati, da misalin wani mai tafiya da aka wayi gari bishiya ce ke tafiyar. Littafin ya ba da gyara iri biyu, ko ka mayar wa guntun mai aikinsa da when ko while, ko ka juya babbar jimlar ta fara da wanda ya yi aikin. Duka biyun yarinyar ta kawo su, ɗaya a takarda, ɗaya a tsaye a aji. A ƙarƙashin gargaɗin akwai layi da shuɗin biro, kuma hannuna ne ya ja shi, ina ɗan shekara ashirin da biyu. Ashe na taɓa sani.

Na zauna a bakin gado. Abin yi a fili yake, maki huɗu ne, in je ofis in ce a mayar da sha huɗu sha takwas. Amma sakatariya ba ta canja maki sai da sa hannun shugaba, shugaba kuma zai tambayi dalili. In na faɗi dalili, takardar amsoshina ce ta lalace, wadda malamai biyu suka bi, aka ba yara sama da ɗari maki a kan mage mai suya. Sai na fara yi wa kaina wa'azi. Na ce in aka tono, yaran da ba su ji ba ba su gani ba za su rasa maki. Na ce ai a taron malamai ana yi wa na kusa da goma sassauci. Na ce ƙila ma ta wuce ba sai da huɗun nan ba. Duk ƙarya ce, ba wanda zai taɓa makin sauran yara, kowa ya san laifin mai tambaya ba ya hawa kan ɗalibi. Fuskar dattijon nan kawai nake gani, yana cewa "chef".

Duk da haka ranar Litinin na tafi ofis da takardarta a jaka, don na karɓe ta da sunan zan sake dubawa. Na shiga, sai ga dattijon zaune kusa da sakatariya yana karanta mata makin ajinsa. Ya ɗago ya ce, "Ah, chef, me ake bukata?" Na tsaya da hannu a kan zif ɗin jaka. Na ce alli nake nema. Sakatariya ta ba ni guda uku, na yi godiya na fita.

Ranar Talata aka yi taron malamai na yanke hukunci. Shugaba yana kiran ɗalibi, a faɗi makinsa, a ce ya wuce ko bai wuce ba. Da aka zo kanta aka ce tara da ɗigo bakwai. Ban bukaci takarda ba, na riga na yi lissafin sau goma a gida, da makin nan huɗu da ta haura goma da kaɗan. Malamin lissafi, Allah ya saka masa, ya ce yarinyar tana da ƙoƙari, wata huɗu kacal ta yi tana jin Faransanci, a duba mata. Shugaba ya gyaɗa kai kamar zai yarda, sai ya juyo wurina.

"Monsieur, ita da ta taso cikin Ingilishi, nawa ta ci a wurinka?"

Na ce sha huɗu.

"Sha huɗu? A harshen da ta yi karatu da shi?" Ya cire tabarau. "To wannan ba matsalar Faransanci ba ce, ba ta aiki ne. Akwai wani abu a halinta?"

Ɗayar malamar Ingilishi ta ce ta ji yara suna cewa an rubuta mata rashin kunya a takarda. Shugaba ya dube ni don in tabbatar ko in musa. Fanka tana juyawa, takardar tana cikin jaka a kan cinyata. Abin da na yi shi ne na ɗaga kafaɗa. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya kira na gaba.

Bayan kwana biyu mahaifinta ya same ni a ƙofar masallaci. Na so in zame ta ɗaya ƙofar, ya riga ya gan ni. Ya miƙo mini ƙullin tsire a takarda, da zafinsa.

"Malam, mun ga sakamako. Haka Allah ya so. Na san kun yi iya ƙoƙarinku, ita ma ta ce darasinku ne kaɗai take jin ita mutum ce a ciki. Allah ya saka da alheri."

Na ce amin. Na karɓi tsiren, don ƙin karɓa sai ya tambayi dalili. Na kai gida na ba yara, na ce cikina ba daɗi.

Shekarar da ta biyo na gyara darasina. Kafin in kaɗa yatsu sai in rubuta tambaya a saman allo: wa ya yi na farko, wa ya yi na biyu? Har magen nake kawowa misali, in rubuta "Frying the fish, the cat came in", in ce wa ke suya, aji ya fashe da dariya, ba mai sake mantawa. Na ƙara musu da cewa guntun yana iya zuwa da nasa mai aikin, kamar "The rain having stopped, we went out", a nan ba wanda aka ɗora wa aikin wani. Wani mai duba malamai ya zauna a ajina ya yaba, ya ce dabarar magen nan tawa ta yi kyau. Na ce na gode. Dattijon ya yi ritaya bai taɓa sanin komai ba, ko kuma ya sani ya bar ni da halina, wannan har yau ban tabbatar ba.

Ita kuwa na san inda take. Gwaggonta tana da rumfar atamfa da hijabai a Marché Central, layi biyu daga inda shagon mahaifina yake a da. Kusan shekara biyu ina zagaye layin nan, in bi ta wajen masu takalma ko da ya fi nisa. Ran nan matata ta aike ni sayen yadin makaranta, na shiga kasuwa ruwa ya kama ni, na fake a wata rumfa ban duba ba. Sai na ji an ce, "Sir, ku shigo ciki, za ku jiƙe."

Ta ƙara girma, tana da tef a wuya da almakashi a hannu. Ta jawo mini kujera ta goge da gefen zane, ta tambayi iyali, ta tambayi makaranta. Na ce yadin makaranta na zo saye, ta ce akwai. Wata mata ta zo, suka yi ciniki da Faransanci tiryan-tiryan, har da zolaya. Na ce a raina, ga Faransancin da aka ce ba za ta iya ba. Da matar ta tafi na buɗe jaka na fito da takardar. Ta yi laushi, jan biron ya ɗan bazu. Na ɗora a kan atamfa.

Na ce, "An yi kuskure a gyaran takardar nan. Amsoshinki daidai ne."

Ta duba ba ta taɓa ba. "Na sani, Sir. Tun ranar na sani."

"Me ya hana ki kai ƙara wurin shugaba?"

"Na gaya wa Baba. Ya ce a gidan mutane muke, a makarantar mutane, kuma ku ne kuka karɓe ni. Ya ce ko da kuskure ne, malami zai gani da kansa ya gyara." Ta naɗe wani yadi ta ajiye. "Da kuka karɓi takardar kuka ce za ku sake dubawa, na ce masa ga shi nan, Baba ya yi gaskiya."

Ashe ranar da ya ba ni tsire ya sani. Na ji kamar in nutse a wurin. Na zo da niyyar in tsaya a kan "an yi kuskure", kamar abin daga sama ya faɗo, amma bakina ya ƙi.

Na ce, "Na duba. Tun ranar Asabar na gano ke ce da gaskiya, kwana uku kafin taro. Ina zaune aka tambaye ni, na yi shiru. Da makin nan huɗu kin wuce. Ni na hana ki."

Wannan ba ta sani ba. Na ga hannunta ya tsaya a kan yadin. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke zuba daga bakin rumfa, ni kuma ina jiran ko zagi ko kuka, duk wanda ya zo zan karɓa da godiya.

"Na ɗauka ba ku gane ba ne," ta ce. "Shekara biyu ina cewa, Sir bai gane ba ne kawai."

Na ce ta yafe mini. Na ce akwai makarantar yamma, zan nema mata gurbi, zan yi magana da mahaifinta, har yanzu ana iya yin jarrabawar daga waje. Ina ta zuba kamar mai talla. Ta bar ni na gama.

"Gwaggo ba ta da lafiya, ni ke riƙe da rumfa. Sai dai in ta warke." Ta tura mini takardar da ɗan yatsa. "Ku riƙe, Sir. Ni ba abin da zan yi da ita. Yadi nawa za a yanka muku?"

Na ce huɗu, don shi matata ta ce. Sai da ya fita daga bakina na ji shi. Ita ba ta ɗago ba, ta auna, ta yanke, ta naɗe a leda don kada ya jiƙe. Maganar yafiya ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Na koma rumfar sau biyu bayan nan da takardun makarantar yamma. Na farko ta karɓa ta sa a ƙarƙashin teburi. Na biyu na tarar gwaggon ta rasu, yarinyar ce mai rumfa, ana ta kiranta Madame. Na tsaya daga nesa na ga layin masu saye, na juya da takarduna.

A wani hutu na zauna na goge sha huɗun da ke saman takardarta na rubuta sha takwas, na sa hannu da kwanan wata kamar yadda doka ta ce. Ba ofishin da zai karɓa, rajistar shekarar ma an ɗaure ta an kai sito. Na mayar da ita jaka, wurin da nake ajiye alli.